Yadda za ka rubuta wa mai gidan haya saƙo bayan ambaliya: lissafin ɓarna, neman gyara da maganar ragin kuɗi

Idan ruwa ya shiga gidan haya, magana uku ce take tasowa a lokaci guda, kuma yawancin rigimar da ake yi tsakanin ɗan haya da mai gida tana farawa ne daga cakuɗa su wuri ɗaya. Ta farko kayanka da suka lalace. Ta biyu gyaran ginin. Ta uku kuɗin hayar da ka riga ka biya na kwanakin da ba ka ci moriyar gidan ba. Kowace da hukuncinta, kuma ƙarfin hujjarka a kansu ba ɗaya ba ne. A kan gyara da kuɗin haya ka fi samun ƙafar tsayawa. A kan kayanka kuwa, sai ka nuna sakacin mai gida ne ya jawo. Wanda ya buɗe saƙonsa da "a biya ni katifata da firjina" ya fara da inda ya fi rauni, kuma da zarar Alhaji ya amsa da cewa ruwa na Allah ne, sauran maganar ma ta bi ruwa.

Zan bi da kai ta misali guda har ƙarshe. Wani magidanci ne a Kano yana hayar gida mai falo, ɗaki biyu, kicin da banɗaki a kan naira 720,000 a shekara, shekarar tana farawa 1 ga Afrilu. A daren 14 ga Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gida ta cika, ruwan ya haura dokin ƙofa ya shiga ɗakuna. Alƙaluman na misali ne, sai ka sa naka a gurbinsu.

Kafin ka share komai, ka tara shaida

Abin da kowa yake fara yi da gari ya waye shi ne ɗaukar tsintsiya da bokiti. Dakata tukuna. Fara kashe wutar gidan daga babban makunni, in har za ka iya kaiwa gare shi ba tare da ka tsaya cikin ruwa ba, sannan ka ɗauki waya. Ruwa yana barin layi a jikin bango, wani zane na laka da ƙananan tarkace a daidai inda ya tsaya. Wannan layin shi ne babban mashaidinka. Ka kafa abin awo ko sanda a jikinsa, ka ɗauki hoto a kowane ɗaki yadda za a ga tsayin daga daɓe. A misalinmu layin ya kai santimita 45 a falo, ya wuce tsayin soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa. Wannan lamba guda ta fi "ruwa ya yi mana ɓarna sosai" aiki a cikin saƙo, domin daga ita kaɗai mai gyaran wuta zai san abin da ke jiransa.

Sai ka yi bidiyo guda ba tare da yankewa ba, ka faro daga ƙofar gida yadda za a gane gidan, ka faɗi ranar da bakinka, ka bi ɗaki-ɗaki. Kada ka manta da wajen gida: kwatar da ke gaba, rariyar da ruwan tsakar gida ke fita ta cikinta, indararo, da bayan katanga. A can ne amsar tambayar da ta fi kowace muhimmanci take, wato ta ina ruwan ya shigo.

Kayan da suka lalace kada ka zubar da su kafin mai gida ko wakilinsa ya gani da idonsa. Abincin da ya fara wari ne kawai za ka ɗauki hotonsa ka fitar. Ka kira mutum biyu su shigo su duba, maƙwabci guda da mai unguwa ko wakilinsa in ya samu dama. Hotuna da saƙonnin waya ana karɓarsu a kotu a Najeriya ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 idan an cika sharuɗɗansa, saboda haka ka bar na asali a wayar da ta ɗauka, ka tura kwafi wani wuri don kada wayar ta ɓata.

Ta ina ruwan ya shigo?

A nan ya kamata ka zauna ka yi wa kanka adalci, don duk yadda za ka tsara saƙon ya rataya ne a kan amsar.

Akwai ambaliyar da ba wani mai gida da zai iya tare ta. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba 2024, ruwan ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori a Maiduguri, ya ci gidan mai gida da na ɗan haya bai bambance ba. A irin wannan, neman mai gida ya biya ka kayanka ba shi da madafa, kuma zai iya ɓata maka sauran buƙatun. Za ka lissafa kayan ne don ya san nauyin da ke kanka, ya kuma fahimci dalilin da ya sa kake neman sassauci.

Akwai kuma wadda lalacewar gidan ce ta buɗe wa ruwa hanya: rariya ta rufta, kwanon rufi ya ɓule, katangar baya ta tsage, ko an yi sabon gini a tsakar gida an toshe inda ruwa ke bi. Idan ka taɓa sanar da mai gida wannan matsalar kafin ruwan ya zo bai gyara ba, to maganarka ta sauya. A misalinmu, magidancin ya tura saƙo ranar 5 ga Yuni cewa rariyar ta rufta, aka amsa masa da "za a turo magini", ba a turo ba. Wannan tsohon saƙon yanzu ya fi duk hotunan daraja. Ka koma cikin wayarka ka nemo irinsa, ko da muryar da ka tura wa dillali ce.

Sai kashi na uku, wanda mutane ba sa son ji. Idan sharar gidanka ce ta toshe rariyar, ledoji da tokar murhu da ƙasar da yara suka tara, to kai ne za a tambaya, har da abin da ya sami ginin. In haka ne, kada ka ɗaga murya a saƙo. Ka sanar, ka nemi a gyara, ka ɗauki naka kason.

Lissafin kayan da suka lalace

Ka raba lissafin gida biyu, kada ka haɗa. Na farko kayanka, na biyu abin da ya shafi ginin, wanda dukiyar mai gida ce. Wannan rabuwar kaɗai tana nuna masa ba kanka kawai kake yi wa kuka ba, kana kula masa da gidansa.

A kowane kaya naka ka rubuta abu huɗu: mene ne, yaushe aka saya, me ya same shi, nawa ne darajarsa a yau. Kalmar "a yau" ita ce inda ake zamewa. Katifar da ka saya shekara uku da suka wuce ba kuɗin sabuwa za ka sa mata ba, kuɗin da za a saye ta a hannu kafin ruwan ya taɓa ta za ka sa. Mai gida yana zuwa kasuwa kamar yadda kake zuwa, kuma in ya kama ƙari a abu ɗaya, zai ɗauka duk lissafin haka yake. Abin da zai gyaru kuma kuɗin gyara za ka rubuta. Ga yadda na magidancinmu ya fito:

Katifa babba, an saya a 2022, ta sha ruwan kwata ta ƙi bushewa: naira 60,000. Kafet ɗin falo, ya lalace gaba ɗaya: naira 35,000. Kujeru saiti ɗaya, katakon ƙasa ya kumbura, kafinta ya ce gyara da sauya soso: naira 40,000. Firji, ruwa ya shiga injinsa, mai gyara ya ce: naira 25,000. Rabin buhun shinkafa da kwanon gero goma: naira 50,000. Littattafai da kayan makarantar yara: naira 20,000. Jimla, naira 230,000.

Abu biyu a kan wannan lissafin. Na ɗaya, firji da duk kayan wutar da suka jiƙe kada a jona su don a gwada ko suna aiki, jonawar ce take ƙarasa su. A bar su su bushe, mai gyara ya buɗe ya duba. Na biyu, a gidajenmu gado da katifa da kujeru da kwanuka galibi kayan ɗakin matar gida ne, iyayenta suka yi mata. Dukiyarta ce, saboda haka ka zauna da ita ku yi lissafin tare, kuma ba ka da hurumin cewa "na yafe" a kan abin da ba naka ba sai da yardarta. Takardu irin su shaidar kammala makaranta da rasit ɗin haya ka ambace su ba tare da sa musu kuɗi ba, in kuma rasit ɗin hayar ya jiƙe ka nemi a sake rubuta maka wani tun yanzu, tun ana ɗasawa.

Gyaran da za ka nema, da wanda zai fara

"A zo a gyara gida" ba buƙata ba ce, don ba a san inda za a fara ba. Ka jera gyaran bisa haɗari, ka sa wa kowane kashi wa'adi.

Na gaggawa su ne waɗanda za su iya kashe mutum: wuta, bango, da ruwan sha. Soket ɗin da ruwa ya rufe yana riƙe danshi da laka a ciki ko da wajensa ya bushe, sai mai gyaran wuta ya kwance ya duba kafin a mayar da wuta. Idan shadda ta cika ta tumbatsa, kuma akwai rijiya a gidan, ka ɗauka ruwan rijiyar ya gurɓata, ta nan amai da gudawa ke shigowa gida bayan ambaliya. Ana buƙatar a kwashe shaddar, a yashe rijiyar a zuba mata sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, kafin nan kuma a tafasa ruwan sha ko a saya.

Bango yana buƙatar ido. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririya kamar gashi da ta tsaya a filasta kawai ba ta hana barci. Wadda za ka ji tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo kamar matakala, musamman in ka zagaya ka same ta a ɗaya gefen bangon. In ƙofar da da take rufuwa lafiya yanzu tana cijewa, wataƙila ƙasa ce ta zauna a ƙarƙashin ginin. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta. Bayan kwana biyu ka sake dubawa. In ta wuce layin, kada kowa ya kwana a ɗakin. Ginin ƙasa kuma nasa ya fi haka sauri: yana shan ruwa daga gindi, ya yi laushi, ya iya zubewa kwanaki bayan ruwan ya janye, lokacin da kowa ya saki jiki.

Kashi na biyu shi ne toshe hanyar da ruwan ya biyo, domin a watan Agusta damina ba ta ƙare ba: gina rariya, ɗaga dokin ƙofa da layin bulo ɗaya ko biyu, sauya kwanon da ya ɓule. Kashi na uku, filasta da fenti da silin, wannan ya jira. Bangon da ya sha ruwa yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, kuma fentin da aka shafa a kan danshi zai kumbura ya ɓare, fumfuna ta fito ta ƙarƙashinsa. Ka manna ƙyallen leda a bangon da salatif ta kowane gefe, ka bar shi ya kwana. In ka ga raɓa a cikinsa da safe, bai isa fenti ba. Mai gidan da ya yi saurin turo mai fenti a makon farko, ka roƙe shi ya turo magini a madadinsa.

Kuɗin haya: inda hujjarka take da yadda ake lissafi

Fara da takardar yarjejeniya, in akwai. Ka nemi inda aka faɗi wanda gyara ke wuyansa, da ko an ambaci abin da zai faru idan gida ya ƙi zaunuwa. Abin da kuka sa wa hannu shi za a fara dubawa a ko'ina aka je. Gidaje da yawa dai rasit ne kawai a tsakani, wani lokacin ma maganar baki ce a gaban dillali.

A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ake bi a ƙasar Hausa, maganar a fili take. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce idan gida ya rushe kafin wa'adin haya ya cika, hayar ta warware a kan abin da ya rage. Muhtasar na Halil ya ƙara fayyacewa: idan ɗaki ɗaya ya rushe daga cikin gidan, ana rage kuɗin haya gwargwadon kasonsa. Idan kuma aibi ne mai cutarwa, irin yoyon rufi, ɗan haya yana da zaɓi ya tashi ko ya zauna, amma in ya zaɓi zama, cikakken kuɗi ne a kansa, kuma ba a tilasta wa mai gida yin gyara. Ka lura da wannan na ƙarshen da kyau. Shi ne dalilin da ya sa kawaici yake da tsada a nan. Wanda ya koma gida ya zauna shiru wata shida, sai da lokacin sabunta haya ya zo ya ce a rage masa, ya makara. Ragin da za ka samu a kan aibi irin wannan, yarjejeniya ce za ta ba ka shi, kuma lokacin ƙulla ta shi ne yanzu da laka take a bango.

Ta fuskar dokar ƙasa ma, kada ka yanke wa kanka hukunci ka riƙe kuɗin haya, kada kuma ka yi gyara da kuɗinka ka cire ba tare da amincewar mai gida a rubuce ba. Yin haka yana mayar da kai mai bashin haya, ka miƙa masa sandar da zai kore ka da ita.

Lissafin kansa ba wuya. Naira 720,000 a shekara ita ce 60,000 a wata, 2,000 a kwana. Iyalin magidancinmu sun koma gidan surukai daga 14 zuwa 29 ga Agusta, kwana 15 gidan bai zaunu ba, naira 30,000 ke nan. Bayan sun dawo, ɗakin baya, wato na yara, ya ci gaba da zama a rufe saboda tsagar bango har wata biyu. Nawa ne kason ɗaki ɗaya? Ya ƙiyasta gidan kashi huɗu, falo kashi, kowane ɗaki kashi, kicin da banɗaki da tsakar gida kashi. Rubu'in 60,000 shi ne 15,000, sau biyu 30,000. Jimlar ragin naira 60,000, daidai da hayar wata guda.

Wannan daidaituwar tana da amfani, don a ganina abin da ya fi saurin samuwa shi ne kwanaki, ba tsabar kuɗi ba. Kuɗin da ka biya a Afrilu an daɗe da kashe shi, kuma mai gida yana fuskantar kuɗin siminti da na magini. In ka ce ya dawo maka da 60,000, za ka ji "babu". In ka ce shekararka ta ƙare a ƙarshen Afrilu maimakon ƙarshen Maris, ba abin da zai fita daga aljihunsa yau, kuma zai fi sauƙin cewa to.

Saƙon kansa

Kada rubutu ya zama shi ne farkon abin da zai ji daga gare ka. Ka kira shi a ranar da abin ya faru, ko ka je da kanka in dattijo ne, ku jajanta wa juna, ka ce masa za ka turo bayani a rubuce don kada a manta da wani abu. Takardar da ta faɗo babu sallama tana kama da sammaci. Ka tura cikin kwana uku, ba sai an gama sanin komai ba. In ta hannun dillali ko wakili kake biyan haya, ka tura musu su biyun, domin saƙon da ya tsaya a hannun ɗan tsakiya yakan isa a rage ko ya ƙi isa.

Ga abin da magidancinmu ya rubuta ranar 17 ga Agusta:

"Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Alhaji, barka da warhaka, ya iyali, ya kuma muka ji da wannan ruwa? Allah ya kiyaye gaba.

Kamar yadda na shaida maka a waya, ruwan daren 14 ga Agusta ya shiga gidan da nake haya. Ya kai santimita 45 a falo da ɗakuna. Ya taru ne a tsakar gida saboda rariyar da ta rufta, wadda na sanar da kai ranar 5 ga Yuni. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji rauni, amma na kwashe iyali tun daren, don gidan ba ya zaunuwa.

Abin da ya sami ginin: bangon ɗakin baya ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, kuma tsagar ta fito ta waje. Soket shida sun nutse, na kashe wutar gidan. Shadda ta tumbatsa. Filastar falo ta fara zubewa daga ƙasa.

Ina roƙon a turo magini da mai gyaran wuta su duba bangon da wayoyin, a kuma kwashe shadda, nan da ranar 21 ga wata. Rariyar kuma a gina ta kafin ƙarshen wata tunda damina da saura. Filasta da fenti za su iya jira bango ya bushe. In ya fi maka sauƙi in fitar da kuɗin aikin a cire a hayar baɗi, a shirye nake, sai dai ka amince da kuɗin a rubuce kafin a fara.

Kayanmu da suka lalace na haɗa lissafinsu da hotuna, sun kai naira 230,000 a kan darajarsu ta yau. Suna nan ban zubar ba, ina so kai ko wakilinka a zo a gani. Tunda rariyar na cikin abin da ya jawo, ina roƙon mu zauna mu duba abin da za ka iya ɗauka a ciki.

Game da haya, ina neman a lissafa mini kwanakin da gidan bai zaunu ba a kan naira 2,000 kowace rana, daga 14 ga Agusta zuwa ranar da muka dawo, da rubu'in haya na tsawon lokacin da ɗakin baya yake rufe. Ba sai an ba ni kuɗi a hannu ba, a ƙara mini a kwanaki.

Zan so mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar in ka samu dama. Na gode, Allah ya ƙara girma. Ɗan hayarka na gida mai lamba kaza."

Ka duba yadda aka jera shi. Ginin Alhaji ne ya zo farko, kayan ɗan haya suka biyo baya. An ambaci saƙon 5 ga Yuni sau ɗaya da kwanan watansa, ba a ce "sakacinka ne" ba, ranar ta isa ta faɗi hakan da kanta. Babu maganar kotu ko lauya, ba a kuma sa adadin ƙarshe na ragi ba, an dai kafa yadda za a lissafa tun kafin kwanakin su taru su yi nauyi. In mai gidan mace ce, Hajiya za ka ce, ranki ya daɗe. In sa'an mahaifinka ne kuma kun saba, Baba ya fi daɗin ji.

In amsa ta zo, da in ba ta zo ba

Amsar da aka fi ji ita ce "ai ruwa na Allah ne, ni ma na yi asara". Kada ka yi musu da wannan, gaskiya ce. Ka ce haka ne, shi ya sa ba ka ɗora masa duka ba, sannan ka dawo da maganar kan rariya da kwanaki. A zaman sulhu ka san abin da za ka iya saki da wanda ba za ka saki ba. Kuɗin kaya shi ne wurin sassauci, a misalinmu an tsaya a kan Alhaji ya ɗauki gyaran firji da kujeru, naira 65,000. Gyaran bango da wuta kuwa ba abin ciniki ba ne.

Amsa ta biyu ita ce "ka gyara, za mu lissafa". Wannan "za mu lissafa" ita take haifar da faɗan watan Maris. Ka sa magini ya rubuta kuɗin kaya da na aiki, ka tura wa mai gida, ka jira ya rubuto cewa ya amince, ka ajiye rasit ɗin kowane buhun siminti. Magidancinmu ya kashe naira 85,000 a kan rariya, soket da kwashe shadda. Takardar da suka sa wa hannu a gaban mai unguwa da shaida guda layi huɗu ce: wa'adin haya ya koma 30 ga Afrilu, za a cire 85,000 na gyara da 65,000 na kaya daga hayar baɗi, abin da zai biya shi ne naira 570,000, kuma ba za a ƙara kuɗin haya a wannan sabuntawar ba. Layin ƙarshen nan kada ka bari a manta da shi, in ba haka ba za a iya cire maka 150,000 ta nan, a ƙara maka ita ta can da sunan an gyara gida.

In wa'adin da ka sa ya wuce shiru, ka tura gajeren tuni mai ambaton saƙon farko da ranarsa, tare da sabon hoton tsagar in ta ƙaru. In an sake yin shiru, ka kai wa mai unguwa ko limamin da mai gidan yake jin nauyinsa. Bayan nan akwai zaurukan sulhu, a Kano akwai na Hisba da cibiyar sasanci da ke ƙarƙashin babbar kotun jiha, kotu kuma ita ce matakin ƙarshe. In kuwa amsar ita ce "in ba ka iya ba ka tashi", ka sani ba a fitar da ɗan haya da baki. A Abuja da jihohi da dama mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi dabam ba, sannan na kwana bakwai, sannan umarnin kotu. In kai ne ka ga gidan ba zai sake zaunuwa ba, ka rubuta ranar da za ka miƙa makulli, ka nemi kuɗin watannin da suka rage a kan 60,000 kowane wata, a kuma duba gidan tare a gaban shaida kafin makullin ya bar hannunka.

Idan jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ko ta ƙasa suka zo ƙidayar waɗanda abin ya shafa, ka tsaya a rubuta sunanka da lambar wayarka a matsayin ɗan haya mai iyali, dabam da sunan mai gida, ka kuma ba su kwafin lissafin nan da ka riga ka haɗa. Asarar gini tasa ce, asarar kaya taka.